Shirinmu Na Yau: An Rabu, Kuma Duk Aji Sun Sani

Yau magana ce da manya ke cewa shirme, wato soyayyar 'yan sakandare idan ta mutu. Ni kam ban yarda shirme ba ce, don a aikin da nake yi da matasa na ga yaran da ta hana zuwa makaranta.

Ga misalin wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ko makarantarsu ba. Shekarunta 16, tana aji biyar. Sun yi wata takwas suna hira da wani ɗan ajinsu a WhatsApp, da wayar yayarta ma take yi. Rannan ya ce ta haƙura. Kafin gari ya waye abokinsa ya ɗauki hoton saƙon da take roƙonsa a ciki, ya jefa a guruf ɗin aji. Ranar Litinin tana shiga, wani daga kujerar baya ya karanto maganarta da muryar mata, aka tuntsire da dariya.

To ka ga ciwo biyu ne a nan. Akwai rashin yaron, akwai kunya. Babba idan ya rabu da budurwa yana iya sauya hanya. Ita kuwa dole ta zauna ɗaki ɗaya da shi tun safe har a tashi, kwana biyar a mako. A gida kuma ba halin kuka, don tambayar farko ita ce, "Wa ya aike ki? Karatu aka tura ki ko soyayya?" Sai ta ce wa Umma kanta ke ciwo. Ta yi kwana huɗu ba ta je ba.

Yayarta ce ta gano, kuma ta burge ni. Ba ta yi mata faɗa ba a daren, ba ta kuma ce "ai za ki samu wanda ya fi shi" ba, maganar da wallahi ba ta taɓa sanyaya zuciyar kowa ba. Ta ce, "Nuna min." Abu na farko, sun adana hoton abin da aka jefa, da sunan wanda ya jefa da ranar, saboda shaida. Yarinyar ta so goge saƙonninta, amma Delete for everyone yana aiki ne cikin kamar kwana biyu kawai, kuma ba ya goge hoton da wani ya riga ya ɗauka. Sai suka yi wa yaron Block, suka yi wa guruf ɗin Mute. Ba ta fita ba, don a nan ake sa aikin gida, kuma ba ta mayar da martani ko ɗaya ba. Habaici a sitatus itace ne kake ƙara wa wuta, gobe shi za a karanto.

Sannan yayar ta je ta samu malamar ajin ita kaɗai. Ta roƙi a sauya wa ƙanwarta wurin zama, a kira wanda ya yaɗa a ofis ya goge. Ta kuma roƙi kada a kai maganar asambali. Malamai, don Allah ku ji wannan: idan kuka yi nasiha gaban makaranta, ko ba ku kama suna ba, sirrin aji ɗaya ya zama na makaranta gaba ɗaya. Ranar komawa, ƙawa ɗaya ta biyo mata suka shiga tare. An yi 'yan gulmace-gulmace, da gwaji ya matso kowa ya kama gabansa.

Yanzu yaya za ki gane abin ya wuce baƙin ciki na yau da kullum, ke yaya ko anti? Kuka da rashin cin abinci na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, musamman in tana ɗan dariya a tsakani. Amma likitoci suna duba mako biyu. Idan an kai nan kusan kullum tana cikin ƙunci, barci ya lalace, abin da take so a da ba ya burge ta, a kai ta asibiti. Idan kuwa ta ce "gara in mutu in huta", ba a jiran mako biyu. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta cusa tunanin. A kawar da magunguna da maganin ƙwari, kada a bar ta ita kaɗai, a nemi likita a ranar.

Maza ma haka, sai dai su shiru suke yi, ko faɗa, ko a ja su shaye-shaye.

In kuma hotonta na tsiraici ne aka yaɗa, wannan ya wuce malamar aji. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta yaɗa irin hoton na wanda bai kai 18 ba, ko turawa kawai ka yi. A nan dole iyaye su sani. A sami wanda Abba yake jin nauyinsa, kawu ko goggo, ya zauna a wurin lokacin da za a faɗa masa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in sha Allahu.