Kashi na 14: Yadda ajiyar ɗan kasuwar gaba ke hawa da sauka kullum



Wanda ya sayi masara a Tsafe ya zuba a sito, in farashi ya faɗi gobe babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, sai ranar da ya sayar zai san asararsa. To a kasuwar cinikin gaba ba haka abin yake ba, kullum ake yi maka lissafi.

Mu ɗauki masara a kasuwar Chicago. Kwantiragi ɗaya bushal 5,000 ne, ma'aunin hatsinsu ke nan, kusan buhu 1,270 namu. Don haka in farashin bushal ya motsa da santi ɗaya, dala 50 ce ta shiga ko ta fita. Ba kuɗin masarar kake biya ba, ajiyar jingina kake bai wa dillali. Mu ƙaddara dala 1,100 ce, kuma sharaɗin kada ta sauka ƙasa da 1,000.

Litinin ka saya a santi 450, aka tashi kasuwa a 454. An zuba maka 200, ajiya ta zama 1,300. Talata aka tashi a 449. Ku lura, da farashin jiya ake aunawa, ba da wanda ka saya ba, saboda haka santi 5 ne, an cire 250, saura 1,050. Ba a kira ka ba tukuna.

Laraba ce matsalar. An tashi a 445, an cire 200, saura 850. Dillali ya kira. Da yawa za su ce ai 150 zan cika in kai 1,000. A'a malam, komawa za ka yi 1,100 ta farko, wato dala 250, kuma ba a jira sai wata ya yi. Kuɗin da aka cire ɗin nan ba takarda ba ce, sun riga sun shiga asusun waɗanda suka sayar.

Alhamis farashi ya koma 451, aka zuba 300, ajiya 1,400, ka sayar ka fita. Ka zuba 1,350 gaba ɗaya, riba dala 50, daidai santi ɗayan da ke tsakanin 450 da 451.

Amma a ce ranar Laraba ba ka da 250 a hannu. Dillali na da ikon rufe cinikin, in ya rufe a 445 ka tashi da 850, asarar 250, hawan Alhamis kuma sai dai ka kalla. Hasashenka daidai ne fa, kuɗin cikawa ne babu. Shi ya sa ni in mutum ya ce min yana da dala 1,100 cif zai shiga, nakan tambaye shi nawa ya ajiye a gefe saboda irin wannan Larabar.

Sai mun haɗu a kashi na gaba.