Takardar Tarihin Aiki: Abin da Za a Cire da Abin da Za a Bari

Jawabin da aka gabatar a taron malaman reshe, Unguwar Kwarbai, Birnin Zariya

Malam shugaban reshe, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, 'yan'uwana malamai maza da mata.

An nemi in yi magana a kan takardar tarihin aiki, wadda muka fi sani da si-bi. Zan tsaya kan abu guda, wato tsawonta. Yawancinmu mun rubuta ta ne tun muna neman aikin farko, daga nan duk abin da muka taɓa sai mu liƙa a ƙasa, har ta kai shafi huɗu ko biyar. Shi kuwa mai tantancewa, da tarin takardu a gabansa, shafin farko yake dubawa da kyau, sauran ya bi su sama-sama.

Mu ƙaddara wata malama ce ta fara koyarwa a 2008, yanzu tana neman muƙamin shugabar makarantar firamare a ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna. Shafinta na farko ya cika da aikin ƙidayar jama'a na 2006, da shekara biyu da ta yi tana tsaron shagon sayar da katin waya a Tudun Wada, da aikin wucin gadi a zaɓen 2011. Sai a shafi na uku za ka tarar ta yi mataimakiyar shugaba shekara uku, ta riƙe makarantar zango guda lokacin da shugaban ya tafi jinya, kuma ita ce ke rubuta bayanan zaman kwamitin makaranta da al'umma. Abin da aka zo nema ke nan, amma an binne shi kamar allura a cikin ruwa.

Gyaran yana farawa daga sanarwar muƙamin. Ta ja layi ƙarƙashin kowane sharaɗi: shaidar malanta, shekarun aiki, gogewa wajen jagoranci. Sannan ta bi takardarta layi-layi tana tambaya: wane sharaɗi wannan yake amsawa? Ƙidaya da zaɓe ayyukan ƙasa ne masu daraja, amma ba su amsa ko ɗaya ba, don haka su fita. Haka ma jerin abubuwan sha'awa. Ban taɓa jin an ba wani makaranta don yana son tafiye-tafiye ba. Shagon kati kuwa yana buƙatar ɗan tunani. Idan ita ke riƙe littafin kuɗin shagon, kuma sanarwar ta ambaci kula da kuɗi, sai ta bar masa layi ɗaya a can ƙarshe. In ba haka ba, ya bi sauran.

Gurbin da aka samu sai a cika shi da hujja. Kalmomin "mataimakiyar shugaba" su kaɗai suna ne kawai. Ta faɗi yawan malaman da take duba littattafan tsara darasinsu, da yawan azuzuwan da ta tsara wa jadawali, da watannin da ta yi riƙo. Ta fara da muƙaminta na yanzu ta yi baya. Tarukan horarwa goma sha biyu da ta jera, ta zaɓi uku da suka shafi shugabanci da duba aikin malamai. Da haka shafi huɗu zai koma biyu.

Sai dai yankan yana da iyaka, kuma nan ne wasu ke yi wa kansu illa. Ranar fara aiki, da ranar tabbatarwa, da matakin albashi, da ranar haihuwa, ba a taɓa su, kuma tilas su dace da abin da ke cikin fayil. Dokar tarayya ta 2022 ta sa ritayar malami a shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, saboda haka ido yana kan waɗannan ranaku. Shaidar NCE da lambar rajista ta Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Ƙasa su hau shafin farko. Shaidar gama firamare ma kada a share ta, domin akan neme ta wajen tantancewa. Layi ɗaya ya ishe ta. Idan kuma cire tsofaffin ayyuka ya bar giɓin shekaru tsakanin gama kwaleji da kama koyarwa, a toshe shi da jimla guda, kamar "2005 zuwa 2007: sana'a da ayyukan wucin gadi".

Da an gama, a miƙa wa abokin aiki shafin farko na minti ɗaya, a karɓe, a tambaye shi muƙamin da ake nema da dalili biyu da za su sa a ba mai takardar. Idan ya yi inda-inda, da sauran abin cirewa. Doguwar takardar ta asali kuma a adana ta a gida, domin wanda zai nemi aikin sufeto baɗi daga cikinta zai sake zaɓa.