Kafin ku saya wa yaro maganin tari



Idan yaro bai kai shekara shida ba, kada a ba shi ruwan maganin tari na kwalba sai da izinin likita. Ku roƙi mai kantin magani ya karanta muku abin da ke ciki. Kodin yana rage ƙarfin numfashi, har yaro ya wuce cikin barci. Tun 2018 Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Furometazin da difenhaidiramin kuwa kasala suke saukar wa yaro, uwa ta zaci sauƙi ne, alhali majinar tana nan.

In yaron ya wuce shekara ɗaya, ƙaramin cokali ɗaya na zuma a ruwan ɗumi kafin barci yana lafar da tari. Jariri ɗan ƙasa da shekara kam, nono ne maganinsa. Zuma na iya jawo masa cutar da ke shanye jiki.

Don zafin maƙogwaro, farasitamol ya isa, gwargwadon nauyi. Yaro mai kilo 12 zai sha mililita bakwai da rabi na irin mai miligiram 120 a kowace mililita biyar, bayan kowace awa shida. Kada a haɗa shi da maganin mura, domin sau da yawa farasitamol ɗin yana ciki.

Amma in wuya ya kumbura, ko kuka ga farin abu ya shimfiɗu a maƙogwaro, ko numfashi yana sauri haƙarƙari na lotsawa, ku kai shi asibiti nan take. Yana iya zama mashaƙo ko ciwon huhu.