Ƙofar da hanta ke tsaro



Wani ɗan kasuwa ya bar man shanu, ya rage cuku da kilishi, amma awon jini ya nuna kolestarol ɗinsa na nan sama. Me ya sa? Domin mafi yawan kolestarol jiki ne ke haɗa shi da kansa, musamman a hanta.

Aikin yana da matakai da yawa, amma ƙofar guda ce: wani sinadari mai suna HMG-CoA ridaktes. Shi ke ƙayyade saurin aikin. Idan kolestarol ya yi yawa cikin ƙwayar hanta, sai ta rage haɗa wannan sinadari, ta kuma lalata wanda ke akwai. Idan ya yi ƙaranci, sai ta ƙara. Shi ya sa rage maiƙo kaɗai bai ishi wasu ba.

To, ina aikin maganin sitatin? Akira Endo na Japan ne ya fara samo shi daga funfuna a shekarun 1970. Sitatin yana toshe wannan ƙofa. Hanta ta ji ƙaranci, sai ta ƙara tarkunan da ke janyo kolestarol daga jini. A nan amfanin yake: na cikin jini ya sauka.

Simbastatin, ɗaya daga cikin magungunan sitatin, da dare ake shansa, lokacin da hanta ta fi yin wannan aiki. Mai sha ya kula sosai: in tsoka ta yi ciwo mai tsanani, fitsari kuma ya yi duhu, ya garzaya asibiti ranar nan.

A huta lafiya.