Mafarkin tsiraici cikin jama'a da tsoron tonon asiri a wurin aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Akwai wani mafarki da mutane da yawa ke yi, amma ba su cika faɗinsa ba. Mutum ya gan shi tsakiyar biro, ko aji, ko kasuwa, sai ya duba jikinsa ya ga babu tufa. Ya nemi abin rufewa ya rasa, ya so gudu ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Sai ya farka gabansa na faɗuwa, yana cewa ko sammu aka yi masa, ko wani abin kunya ke tafe. Da yake yawancinmu muna shirin fara istaj ko neman aiki, na ga ya dace mu tattauna shi.

Mu fara da addini. A hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, an kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa. Ba kowane mafarki ne labarin gobe ba. Wanda ya ga abin da ya ƙi, an koya masa ya nemi tsarin Allah, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya juya kwanciya ko ya tashi ya yi salla, kuma kada ya yi ta yawo da labarin. Sau da yawa mafarkin tsiraici na gida na uku ne. To, me zuciyar ke cewa?

Amsar tana cikin harshenmu. Muna kiran tufa sutura, kuma muna kiran rufin asiri sutura. Cikin Suratul A'araf, bayan Annabi Adamu da Hauwa'u sun ci itaciyar da aka hana su, tsiraicinsu ya bayyana gare su, suka shiga rufewa da ganye. Ke nan tun asali ɗan Adam ya haɗa tsiraici da bayyanar abin da yake son ɓoyewa. Wanda ke tsoron a gano gazawarsa a wurin aiki, babu hoton da ya fi dacewa da tsoronsa kamar a gan shi ba riga.

Sigmund Freud, cikin littafinsa kan fassarar mafarki na shekarar 1900, ya lura da wani abu: a irin wannan mafarki, mai mafarkin ne kunya ke kashewa, mutanen da ke kewaye da shi kuwa galibi ba su ma damu ba. Ba sai mun yarda da sauran bayanansa ba, amma wannan lura tana da amfani, don a farke ma haka abin yake. A shekarar 2000, Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji da suka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka. Sun sa ɗalibai sanya riga mai hoton wani mawaƙi da ɗaliban ke jin kunyar a gan su da ita, suka shiga ɗaki mai mutane. Masu rigar sun zaci wajen rabin mutanen za su lura da ita, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Ma'ana, idanun da muke zaton suna kanmu sun fi na gaskiya yawa. Kowa ta kansa yake yi.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani matashi ya samu istaj na wata uku a wurin akanta. Ranar farko shugabansa ya tambaye shi ko ya iya Excel, ya ce ya iya, alhali shigar da lambobi kawai ya sani. Mako biyu lafiya lau. A na uku aka ce ƙarshen wata shi zai haɗa lissafin kuɗin shiga da na fita. Ya gwada, ya tarar da giɓin jika 15 tsakanin takardu da abin da ke cikin na'ura. Bai faɗa wa kowa ba. Kullum shi ne ƙarshen tashi, in shugaba ya gitta sai ya rufe shafin. A makon nan ne ya fara ganin kansa tsirara gaban teburin shugaba.

Me zai yi? Da farko, da safe ya ɗauki takarda ya rubuta abu uku: ina ne wurin da ya gani a mafarkin, su wa ke nan, kuma mene ne ba ya so waɗannan mutane su sani game da shi. Tambaya ta uku ita ce mabuɗi.

Na biyu, ya raba amsar gida biyu, don abin da ake ɓoyewa ko dai rashin sani ne, ko kuwa laifi. Rashin iya lissafin na'ura ba laifi ba ne, don koyo aka kawo shi. Maganinsa tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sani ba. Kunyar da ke cikin imani ita ce mai hana saɓo; wadda ke hana tambaya tsoron mutane ne ya ari sunanta. Amma cewa ya iya alhali bai iya ba, da ɓoye giɓin kuɗi, wannan ya taɓa amana, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, ya je da kansa kafin a kira shi, a lokacin da shugaban ke shi kaɗai, da takardun a hannu. Ya ce: "Ranka ya daɗe, na samu giɓin jika 15 a lissafin wata. Na duba makon farko da na biyu, daidai suke. Na uku ne ya gagare ni, kuma Excel ɗin nawa bai kai yadda na faɗa ba. Ina son a nuna mani." Ku lura, ya faɗi adadin, ya faɗi abin da ya riga ya duba, ya faɗi abin da yake buƙata. Irin wannan giɓi sau da yawa takarda ɗaya ce aka shigar sau biyu, ko aka tsallake ta. Mai yiwuwa ya sha faɗa. Amma wanda ya kawo giɓi da kansa ana yi masa kallon mai koyo, wanda aka gano giɓinsa ranar rufe lissafi kuwa ana iya yi masa kallon ɓarawo.

Sai dai abin yana da iyaka. Mafarki ba shaida ba ne a kan kowa. Kada ka ga abokin aikinka yana yi maka dariya cikin barci ka wayi gari kana gaba da shi. Kuma in mafarkin ya zo sau ɗaya ya wuce, ba sai an tono masa ma'ana ba. In kuwa yana dawowa kowane mako har fiye da wata, yana hana barci, ko yana sa mutum ƙin zuwa aiki, to a ga likita. Haka in ya biyo bayan wulaƙanci na gaske, kamar shugaban da ke tozarta ma'aikaci gaban jama'a, ko mai neman ƴar'uwarmu da lalata. A nan ba ita ke da abin kunya ba, kuma shiru ba magani ba ne. Ta sanar da babban da ta amince da shi.

Waɗanda suka riga mu fara aiki kuma, in sabon yaro ya yi kuskure, ku ja shi gefe ku gyara masa. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa.

Allah ya suturta mu duniya da lahira.