Sharuɗɗan Tarayya a Kasuwanci: Jawabi ga 'Yan'uwa Biyu da Suka Haɗa Jari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwanmu biyu, kun nemi mu yi muku bayanin abin da ya kamata ku rubuta a takardar yarjejeniyarku kafin ku fara sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano. Ɗayanku, wato Alhaji, ya kawo tsabar kuɗi naira miliyan 6, kuma ba zai zauna a kasuwa ba. Ɗayan, wato Malam, ya kawo masara buhu 100, kuma shi ne zai riƙa saye da sayarwa. Kun ce kun amince da juna, mun kuwa yarda da haka. Amma takardar za ta yi muku aiki ne ranar da ɗayanku ya manta abin da aka faɗa, ko ranar da magada suka zo suna tambaya alhali mai maganar yana kabari.

Mu fara da jari, wanda malaman fiƙihu ke kira ra'asul mali, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake tsaye. Kuɗin Alhaji ba su da matsala, matuƙar suna hannu. Idan wani ɓangare nasu bashi ne da yake bin wani mutum, to wannan ɓangaren bai zama jari ba sai ranar da aka karɓo shi. Masarar Malam ce ke buƙatar tsayawa. Malaman Hanafiyya ba su yarda a ƙulla tarayya da kaya ba, amma mazhabar Imam Malik ta halatta ɗaya ya kawo kuɗi ɗaya ya kawo kaya, da sharaɗin a yi wa kayan ƙima ranar da aka kawo su. Abin lura a nan shi ne farashin wannan rana. Malam ba zai ce ya sayi buhu a kaza lokacin kaka ba, ba kuma zai ce farashi zai kai kaza da bazara ba. Ku kira mutum biyu daga dillalan kasuwa waɗanda ba su da rabo a cikin lamarin, su duba masarar, su auna, su faɗi abin da take yi a yau. Mu ƙaddara sun ce naira dubu 40 kowane buhu. To jarin Malam ya zama naira miliyan 4, jimla miliyan 10, Alhaji yana da kashi 60 cikin ɗari, Malam yana da 40. Daga wannan rana babu sauran "masarata" ko "kuɗina". Idan ruwa ya shiga sito ya lalata buhu goma, asarar ta ku biyu ce. Mu ƙara da cewa da a ce ku duka biyun hatsi kuka kawo, da Malikiyya sun hana, amma wannan bai shafe ku ba.

Sai rabon riba, inda malamai suka yi saɓani na gaske, kuma bai dace mu ɓoye muku shi ba. Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin riba tana bin jari ne sau da ƙafa. A wurinsu, idan kun ci ribar naira miliyan 2, Alhaji yana da miliyan 1 da dubu 200, Malam yana da dubu 800, kuma Malikiyya sun ƙara da cewa aikin ma a raba shi gwargwadon jari. Hanafiyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin ana cancantar riba da dukiya, ana kuma cancantarta da aiki, saboda haka ya halatta a ƙara wa mai aiki kaso. Mu dai wannan ra'ayi na biyu ne muka fi natsuwa da shi a halinku, domin Malam zai wuni cikin ƙura yana ciniki da 'yan dako da direbobi, Alhaji kuwa yana wurin aikinsa. Idan kun yarda a raba riba rabi da rabi, kowa zai ɗauki miliyan 1 daga waccan riba. Abin da ba za mu ba ku shawararsa ba shi ne a juya lamarin, wanda aka sharɗanta ba zai yi aiki ba ya ɗauki fiye da kason jarinsa, domin Hanafiyya ba su halatta wannan ba.

Akwai abu biyu da babu saɓani a kansu. Na farko, riba kaso ce daga abin da aka samu, kamar rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi sananne ba. Idan Alhaji ya ce a riƙa ba shi naira dubu 100 duk wata, ko a ba shi kashi biyu cikin ɗari na jarinsa, a ci riba ko kada a ci, to yarjejeniyar ta ɓaci, kuma ta koma kama da rancen da ke jawo amfani. Ibnul Munzir ya ruwaito haɗuwar malamai a kan ɓacin irin wannan sharaɗi a babin ƙiradi. Dalilin a fili yake: wata shekara duk ribar ba za ta kai adadin da aka yanke ba, sai ɗaya ya kwashe, ɗaya ya tashi da gumi kawai. Na biyu, asara tana bin jari, ko yaya kuka raba riba. Idan kun faɗi da naira miliyan 1, Alhaji ya yi asarar dubu 600, Malam dubu 400. Ba ya halatta Alhaji ya sa Malam ya lamunce masa jarinsa. Malam amintacce ne a kan dukiyar, ba ya biya sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka sa masa. Saboda haka ku rubuta iyakokin ƙarara: nawa ne mafi yawan bashin da zai iya bai wa mai saye ɗaya, shin zai iya ɗaukar kaya bashi da sunan tarayya, shin zai iya shiga wata haja banda hatsi. Sakacin da ba a fayyace iyakarsa a takarda ba yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali.

Wani wuri da 'yan kasuwarmu ke yawan zamewa shi ne ɗaukar kuɗi kafin a yi lissafi. Riba ba ta tabbata sai jari ya kuɓuta. Idan an ci dubu 500 a cinikin wata uku na farko, aka faɗi da dubu 300 a na gaba, ribar dubu 200 ce, ba a raba ta farko a bar ta biyun a kan jari. Duk abin da ɗayanku ya ɗiba don cefane ko kuɗin makaranta, a shigar da shi littafi da sunansa, a cire daga kasonsa ranar lissafin shekara. Ku buɗe wa tarayyar asusun banki nata daban. Kuma ku sani dokar tarayya ta Ingila ta 1890, wadda Nijeriya ta gada, tana ɗaukar abokan tarayya a matsayin masu rabo daidai wa daida a riba da asara idan babu wata yarjejeniya da ta nuna akasin haka, ko da jarinsu ya bambanta. Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba ta maye gurbin wannan takarda, kuma ba ta raba dukiyarku ta gida da bashin kasuwancin.

Yanzu batun fita, wanda sababbin abokan tarayya ke jin nauyin ambatonsa kamar fatan tsiya ne. Jumhurun malamai suna ganin kowane abokin tarayya yana da ikon warware ta da sanin ɗan'uwansa, Malikiyya kuwa a mashhurin zancensu suna ganin tana lizimta da zarar an ƙulla ta. A sana'ar hatsi ana saye da kaka, a ajiye, a sayar idan farashi ya motsa, don haka wanda ya nemi kuɗinsa a watan Janairu alhali sito cike yake ya tilasta a karyar da kaya. Ku rubuta cewa mai son fita zai ba da sanarwa a rubuce wata uku kafin lokaci, kuma ba za a raba ba sai an sayar da kayan kakar da ake ciki ko an yi musu ƙima.

Mu ɗauka bayan shekara biyu Alhaji ya nemi fita. Ba zai ce a mayar masa da miliyan 6 ɗinsa kawai ba, Malam ma ba zai sallame shi da su ba. Alƙawarin sayen kason abokin tarayya a kan ainihin kuɗin da ya zuba lamuncewar jari ce ta bayan gida, kuma malaman wannan zamani masu duba harkar bankunan Musulunci sun hana ta. Za a yi ƙima ne da farashin ranar rabuwa. Mu ce hatsin da ke sito ya kai naira miliyan 10, a banki akwai miliyan 3, kuma ana bin ku miliyan 1. A fara biyan masu bin bashi, sai ya rage miliyan 12. A fitar da jari miliyan 10, riba ta zama miliyan 2. Alhaji yana da miliyan 6 da miliyan 1, wato 7, Malam yana da 4 da 1, wato 5. Idan kuma kuna bin masu saye naira dubu 800, kada ku sa su cikin wannan lissafi, domin ba a san wanda zai biya da wanda zai gudu ba. A ware su a takarda, duk abin da aka karɓo a raba shi rabi da rabi, tunda jari ya riga ya koma.

Wataƙila Alhaji ya ce miliyan 6 na shekara biyu da suka wuce ba su ne na yau ba, kuma duk wanda ya ga yadda farashi ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya san maganarsa tana da tushe. Wani ɓangare na abin da kuke kira riba faɗuwar darajar naira ce kawai, kuma idan ana raba shi rabi da rabi, mai jari mafi yawa ne ke cutuwa. Ba a gyara wannan ranar rabuwa, domin jari yana komawa ne da adadin da aka rubuta. Tun yau za ku yi la'akari da shi wajen yanke kason riba, kuma ku sa sharaɗin sake duba kason duk shekara bayan lissafi, da yardar ku biyu.

Saura yadda za a biya. Kuɗin da suka rage a banki miliyan 2 ne, Alhaji ya ɗauke su. Sauran miliyan 5 ko dai ya ɗebi hatsi na wannan ƙima, ko Malam ya saya daga gare shi ya biya a hankali, misali kashi uku cikin wata shida. Idan kun zaɓi na biyun, to daga ranar Alhaji ya tashi daga abokin tarayya ya koma mai bin bashi: ba shi da rabo a ribar da za ta zo, babu ruwansa da asara, ba kuma a ƙara masa ko kwabo saboda jinkiri. Nan ne aya ta 282 a Suratul Baƙara ta hau kanku kai tsaye, wadda ta yi umurni da rubuta bashi mai ajali da kafa shaidu.

Mutuwa ma fita ce, kuma tarayya tana ƙarewa da ita. Kason mamaci ya zama na magadansa, wanda ya rage ba shi da ikon ci gaba da juya shi sai da sabuwar yarda daga gare su, ko daga waliyyin marayu idan akwai ƙanana. Ku rubuta cewa wannan hanyar ƙima da muka bayyana ita za a bi a ranar. Ku ambaci mutumin da kuka yarda ya shiga tsakani idan an saɓa a kan farashi, kowannenku ya riƙe kwafi mai sa hannun shaidu biyu, kuma kowa ya sanar da iyalinsa inda ya ajiye nasa.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.