Yadda muka rage bidiyon neman tallafi daga minti 4 zuwa daƙiƙa 90

Makon jiya wani ƙanena a Bakura ya turo min rubutun bidiyon da zai ɗora, yana neman a haɗa musu kuɗin injin ban ruwa. Na karanta a bayyane ina duba agogo: minti 4 cif! Rabinsa gaisuwa ce da tarihin madatsar Bakolori, yadda take shayar da gonakin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Wa zai tsaya?

Na ce masa, fara da gonarku. "Mu 6 ne, shinkafarmu tana ƙarshen magudana, ruwa ba ya iso mana." Matsalar ke nan, a nuna busasshiyar ƙasar. Sai mafita guda: inji mai aiki da hasken rana. Ya so ya cusa taki, na goge, don buƙata biyu tana raba hankalin mai kallo.

Roƙon ne ya wahalar da mu. Kunya ta sa ya rubuta "ku taimaka da abin da ya sawwaƙa." Na ce a'a, ɗan'uwa: faɗi kuɗin injin, nawa kuka riga kuka tara, ranar rufewa, da inda za a tura. Sau 3 ya maimaita kafin muryarsa ta daina rawa.